Sakin layin da ke saman CV: me nas ɗin asibitin karkara za ta rubuta?

Hauwa'u Idi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Anti Binta, Malam Nasiru, da duk wanda ya san kan abin, ina neman taimako. Ina shirya CV domin neman aiki a waje, Ingila na fi so, amma ina duba Saudiyya ma. Ɗan taƙaitaccen bayanin nan da ake sawa a sama, ƙarƙashin suna, shi ne ya tsaya min. Abin da na rubuta, in na mayar da shi Hausa, ga shi: "Ni ma'aikaciyar jinya ce mai tausayi, mai ƙwazo da riƙon amana, mai shekara takwas tana aiki a dukkan sassan asibiti. Ina da satifiket da dama kuma ina neman wurin da zan ƙara ilimi in bunƙasa." Na gama makarantar jinya ta Birnin Kudu a 2017, ina aiki a wani babban asibiti na ƙaramar hukuma a nan Jigawa. Ku duba min, kada ku ji nauyina.

Sadiq mai kafe: Wa'alaikumussalam Sista. Ni da nake buga wa mutane CV kullum a shagona, wannan ya yi kyau, sai dai ya yi gajere. Ki ƙara cewa kin iya aiki da mutane, kin iya aiki cikin matsi, kin iya kwamfuta. Sannan ki sa ICU, ɗakin masu matsanancin ciwo, a ciki, don su Turawa da Larabawa masu ICU suka fi nema. Ki turo min in gyara miki.

Anti Binta: Wa'alaikumussalam Hauwa. Tun da kin ce kada a ji nauyinki, to wannan sakin layin bai gaya min komai a kanki ba. Ina cikin waɗanda ake ba takardun masu neman aiki su tace a sashenmu a nan Ingila, kuma kusan kowa yana rubuta mai tausayi, mai ƙwazo. Ba wai ƙarya ba ne, amma babu yadda zan gane gaskiyarsa daga takarda, don haka idona yakan tsallake shi. Abin da nake nema a layin farko shi ne: wace hukuma ce ta yi miki rajista, tun yaushe, wane ɗaki kike aiki, gado nawa ne, wane irin marasa lafiya ne ke kwance a kai. "Dukkan sassan asibiti" a kunnenmu na nufin ba ki zauna a ko'ina kin ƙware ba, alhali na san ba haka ba ne.

Kafin mu gyara, ba ni amsar waɗannan. Yaushe lasisinki na NMCN, hukumar rajistar nas ta Najeriya, ya fito? Yaushe aka ba ki takardar ɗaukar aiki? Wane ɗaki kika fi daɗewa?

Hauwa'u Idi: Na gode Anti. Lasisi ya fito farkon 2018. Daga nan na yi aikin sa-kai a asibitin garinmu kusan shekara guda, ba albashi. Takardar ɗaukar aiki ta gwamnati Maris 2019 ce. Ɗakin mata, ɓangaren marasa lafiya ba na haihuwa ba, daga Maris 2019 zuwa Janairu 2022. Sai aka mayar da ni ɗakin yara zuwa Yuni 2023, sannan na dawo ɗakin mata har yau. Gado 28 ne a ɗakin matan. Ina kuma leƙa ɗakin haihuwa da na gaggawa idan an rasa mutum, shi ya sa na ce dukkan sassa.

Anti Binta: To kin ga, shekara takwas ɗin nan daga 2017 kika ƙirga, daga ranar da kika bar makaranta. Babu mai ƙirga miki haka. Abin da takardarki ta nuna shi ne shekara shida da 'yan watanni, daga Maris 2019. A cikinsu wajen shekara biyar a ɗakin mata, shekara ɗaya da wata biyar a ɗakin yara. Wannan ya fi "takwas a ko'ina" ƙarfi nesa ba kusa ba, domin nas mai shekara biyar a ɗakin manya marasa lafiya ita ce ainihin wadda ake nema a mafi yawan guraben da ake tallatawa.

Malam Nasiru (Jizan): Ina goyon bayan Anti a kan ƙirga, kuma a nan Saudiyya abin ya ma fi tsanani. Kafin SCFHS, hukumar rajistar ma'aikatan lafiya ta Saudiyya, ta ba ki rajista, sai takardunki sun bi ta kamfanin tantance takardu na DataFlow. Su ba karanta CV suke su yarda ba. Makarantarki za su tuntuɓa, su tuntuɓi NMCN, su tuntuɓi wurin aikinki, su tambaya: wance ta yi aiki a nan daga wata kaza zuwa wata kaza, a wane matsayi? Idan CV ya ce takwas, takardar asibiti ta ce shida, kin buɗe wa kanki ƙofar tambayoyi. Sadiq, maganar ICU kuwa ka janye ta don Allah. Idan aka tambayi asibitin aka ce ba su ma da ICU, rahoton zai fito da cewa bayanin ba gaskiya ba ne, kuma irin wannan rahoton yana bin mutum.

Sadiq mai kafe: Malam ni ba ƙarya na ce ta yi ba. Ai tana kula da masu matsanancin ciwo, waɗanda a Kano da ICU za a kai su.

Anti Binta: Wannan gaskiya ne Sadiq, kuma akwai yadda ake faɗarsa ba tare da an kira ɗakin da sunan da ba nasa ba. ICU a wurinsu na nufin injin numfashi, layin babbar jijiya, magungunan riƙe hawan jini da ake ɗigawa da famfo, nas ɗaya ga majinyaci ɗaya. Ranar ganawa tambaya biyu za su yi mata a kan injin numfashi su gane. Amma idan ta ce tana gano majinyacin da jikinsa ke rikicewa, ta fara taimakon gaggawa, ta kira likita, ta shirya tura shi babban asibiti, wannan ƙwarewa ce da ake so a kowane ɗaki, kuma za ta iya kare ta da misalai.

Ka tuna kuma a 2023 hukumar NMC mai rajistar nas a nan Birtaniya ta gano maguɗi a wata cibiyar da ake zana jarabawarta ta kwamfuta, wato CBT, a Ibadan, aka soke sakamakon mutane da yawa, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba suka sake zama. Tun daga lokacin takardar ɗan Najeriya ana duba ta da ido biyu. Ba lokacin ƙara gishiri ba ne.

Hauwa'u Idi: To Anti aikin sa-kan fa? Wallahi a shekarar nan na koyi rabin abin da na sani. Haka zan yar da ita?

Malam Nasiru (Jizan): Kina da takarda a kanta?

Hauwa'u Idi: Babu. Incaji ne kawai ya ce in riƙa zuwa, kuma an daɗe da sauya shi.

Malam Nasiru (Jizan): To ni a ganina ki cire ta gaba ɗaya. Abin da ba za a iya tabbatarwa ba kaya ne kawai.

Anti Binta: A nan mun ɗan saɓa da Malam. A sakin layin sama kada ki ƙirga ta, wannan mun yarda. Amma a ƙasa, wurin jerin ayyuka, ni zan so ki rubuta ta da sunanta na aikin sa-kai, da watanninta. Fom ɗin neman aiki na NHS, hukumar asibitocin gwamnati ta nan, yana tambayar gibin da ke tsakanin ayyuka, kuma shekara guda babu bayani bayan samun lasisi za ta jawo tambaya. Gara ki ce ga inda nake.

Malam Nasiru (Jizan): Na Ingila ke nan. Ni dai na ga wanda ya sa irin wannan a takardun da ya miƙa don tantancewa, aka rubuta wa asibitin, babu wanda ya san da zamansa a rubuce, rahoto ya dawo cewa ba a iya tabbatarwa ba. Ya yi watanni yana fama. Idan za ta sa a CV ta sa, amma kada ta miƙa shi cikin abin da za a tantance sai da takarda a hannu.

Hajiya Rakiya (tsohuwar metiron): Salamu alaikum 'ya'yana. Ina karanta ku. Hauwa, maganar takardar sa-kai, ki je ofishin metiron ki ce a duba tsoffin jadawalin duti da littafin rahoton ɗaki na 2018. Idan kin yi aiki da gaske, sunanki da sa hannunki suna ciki. Da wannan shugaban asibiti na yanzu zai iya rubuta miki takarda da gaskiyarsa, ba alfarma ba. A zamanina na rubuta wa yara irinta.

Amma bari in faɗi abin da ke raina. Ɗakin nan mai gado 28, idan kin tafi wa zai riƙe shi? Kowace shekara waɗanda muka horar hannunsu ya faɗa su ne ke tafiya. Ba hana ki nake ba, na san albashin, na san nauyin da ke kanki. Amma ba zan iya karanta wannan hira in yi shiru ba.

Hauwa'u Idi: Mama na ji, kuma wallahi ina tunanin hakan. Ƙannena huɗu ne a makaranta a wuyana. Allah Ya zaɓa mana mafi alheri.

Hajiya Rakiya (tsohuwar metiron): Amin. To idan za ki tafi, ki tafi da takarda mai tsabta, kuma ki ajiye aiki ta hanyar da ta dace, kada ki ɓace kawai. Wata rana ofishin nan za a rubuto wa a tambayi halinki.

Anti Binta: Maganar Hajiya tana da tushe ko a hukumance. Najeriya na cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ma'aikatan lafiyarsu sun yi ƙaranci, shi ya sa dokar ɗaukar ma'aikata ta Birtaniya ta hana asibitoci da ejan-ejan su zo su yi farautar nas a Najeriya. Abin da aka bari shi ne mutum ya nemi gurbin da aka tallata da kansa, kai tsaye. Wannan ya shafi maganarmu: babu ejan da zai tsaya ya yi wa asibitin bayanin ke wace ce. Rubutunki ne kaɗai zai yi.

Yanzu Hauwa, gaya min abin da ke kwance a gadajen nan 28. Kada ki yi min Turancin littafi, ki faɗa yadda za ki gaya wa sabuwar nas ranar da ta fara.

Hauwa'u Idi: Hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga da gyambon ƙafa, ciwon zuciya mai kumbura jiki musamman bayan haihuwa, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani lokacin damina, masu sikila idan ciwon ya tashi, ƙarancin jini. Muna ƙarin jini kusan kullum. Ina sa allurar ruwa a jijiya, robar fitsari, robar hanci ta abinci, wankin gyambo, auna suga da ba da insulin, oksijin. Da damina wani lokaci amai da gudawa, a ware musu gefe. Dutin dare ni da mataimakiya ɗaya ne, ni ce incaji. Ɗalibai ma idan sun zo koyon aiki ni ake haɗa su da ni.

Anti Binta: Kin ga wannan? Wannan shi ne sakin layin naki, kin rubuta shi yanzu ba ki sani ba. Ƙarin jini kusan kullum, sikila, jagorancin dutin dare, koyar da ɗalibai. A asibitocin Landan da Birmingham masu sikila suna da yawa, kuma ba kowace nas ce ta saba da su ba. Ke kin ɓoye duk wannan a bayan "mai ƙwazo".

Zainab Garba: Anti don Allah ni ma a taimaka min. Ni CHEW ce, shekara bakwai ina riƙe da asibitin sha-ka-tafi na ƙauyenmu ni kaɗai, ina karɓar haihuwa, ina rigakafi. Idan na rubuta nas a saman CV ɗina zai wuce?

Anti Binta: Zainab ƙanwata, aikinki babba ne amma hanyar daban ce. Rajistarki ba ta NMCN ba ce, ta hukumar ma'aikatan lafiyar al'umma ce, kuma NMC ko SCFHS shaidar karatun jinya da rajistar nas za su nema. Gyaran rubutu ba zai cike wannan ba, sai dai komawa makarantar jinya. Ki yi min magana a gefe mu tattauna, kada mu karkatar da ta Hauwa.

Musbahu Ringim: Ni abin da nake so in tambaya, irin namu na karkara da likita ɗaya ne, da dare ba ya nan. Ni da kaina nake duba majinyaci, in rubuta magani, in yi ɗinki, har kaciya da fasa ƙurji. Na sa duk wannan a nawa, don su san ba ƙaramin nas ba ne ni. Ban ga an kira ni ba har yanzu.

Anti Binta: Musbahu, wataƙila wannan layin ne ma yake kayar da kai. Na san dalilin da ya sa kuke yi, na yi aiki a irin wurin kafin in taho, idan ba ka yi ba mutum zai mutu a gabanka. Amma a nan nas ba ya rubuta magani sai ya yi wani karatu na musamman an ƙara masa shi a rajistarsa. Mai tace takarda idan ya ga nas yana alfahari da rubuta magani da yin tiyata, abin da zai faɗo masa shi ne: wannan bai san iyakar aikinsa ba, zai iya yi mana haka a ɗaki. Su abin da suke tsoro ke nan fiye da rashin iyawa. Rashin iyawa za su koya maka.

Ba cewa nake ka yi ƙarya ba. CV ba wurin zuba duk abin da hannunka ya taɓa ba ne. Ka ɗauki ɓangaren da aikin nas ne a ko'ina: ka auna majinyaci, ka gane hatsari, ka fara abin da tsarin asibiti ya yarda ka fara, ka kira likita a waya, ka rubuta abin da ka yi. Idan sun tambaye ka a ganawa yadda dare yake ba likita, sai ka yi bayani da bakinka, a nan akwai filin da za su fahimci halin da kake ciki.

Musbahu Ringim: Amma Anti ai kamar an rage min daraja ne. Abin da na fi su da shi ke nan.

Malam Nasiru (Jizan): A nan ma haka ne Musbahu. Ko farasitamol ba na bayarwa sai da umarnin likita a kwamfuta. Da farko abin ya dame ni, daga baya na ga kariya ce gare ni.

Musbahu Ringim: Zan yi tunani. Ban gamsu duka ba gaskiya.

Hauwa'u Idi: Anti saura satifiket. Ga abin da nake da su: takardar zama nas ta RN, lasisi na sabunta bara da horon sabunta lasisi na MCPDP, katin horon farfaɗo da majinyaci na BLS na 2021, horon kula da yara masu tamowa na kwana biyar, horon kare yaɗuwar cuta a asibiti, horon farfaɗo da jarirai, da wasu na taron bita guda shida ko bakwai. Jarabawar Turanci ta OET na ci a watan Mayu, B uku da C+ a rubutu. CBT ina karatu, ban zauna ba tukuna.

Anti Binta: Masha Allah, OET ɗin ya kai abin da NMC ke nema, B a karatu da sauraro da magana, C+ a rubutu. Wannan shi ne satifiket mafi tsada a hannunki kuma ba ki ambace shi ba sam. Ki sa shi da watan da kika ci, domin sakamakon shekara biyu yake yi, mai ɗaukar aiki yana so ya lissafa ko zai kai ki ga rajista kafin ya mutu.

CBT kuwa ki faɗi matsayinsa daidai. Idan kin biya kin sa rana, ki ce za ki zauna a wata kaza. Idan ba ki sa ba, kada ki ce "ana kan yi", ki yi shiru a kansa ko ki jira. Shawarata ma ki ci shi kafin ki fara tura takardu da yawa, don gurabe da dama suna tace mutane ne a kan wannan: yana da Turanci, yana da CBT, saura jarabawar gwajin aiki ta OSCE da ake yi bayan an iso.

Wani abu kuma da ake yawan kuskurewa. Kada ki rubuta cewa ke nas ce mai rajista ki tsaya a nan. A Birtaniya wannan laƙabi doka ta keɓe shi ga wanda ke cikin rajistar NMC. Ki ce mai rajista da NMCN ta Najeriya, sai kowa ya san inda kika tsaya.

Malam Nasiru (Jizan): BLS na 2021 ya mutu Sista. Katin shekara biyu yake yi, tun 2023 ya ƙare. Kada ki sa shi a sama kamar yana da rai. Ga asibitocin nan BLS mai rai kusan dole ne, don haka ki sabunta, kuma ki tabbata wurin da za ki yi katinsu na AHA ne, ƙungiyar lafiyar zuciya ta Amurka, wanda ake iya duba lambarsa a intanet. Akwai masu ba da takarda mai kyan gani da babu inda za a tabbatar da ita.

Anti Binta: A nan Ingila bai kai haka nauyi ba, duk wanda aka ɗauka sai asibitin ya sake yi masa nasa horon farfaɗowa. Amma ƙa'idar ɗaya ce, wanda ya mutu ba ya hawa sama.

Na taron bita shida ko bakwai ɗin nan su sauka ƙasa, a jera su da shekarunsu. A sama biyu ko uku kawai, waɗanda suka dace da gurbin. Idan ɗakin manya kike nema, horon kare yaɗuwar cuta ya hau, na tamowa da na jarirai su jira a ƙasa. RN irin namu yawanci ɓangaren jinyar manya ake nema da shi a rajistar NMC, jinyar yara ɓangare ne daban, shi ya sa na ce ɗakin mata ya zama gaba, ɗakin yara ya biyo da rabin layi.

Sadiq mai kafe: To ni abin da na sani, akwai kalmomin da kwamfutar tace CV ke nema. Ya kamata ta sa NEWS2 na auna hatsarin da majinyaci ke ciki da SBAR na miƙa rahotonsa, na ga duk masu tafiya suna sawa.

Anti Binta: Rabin maganarka daidai ne Sadiq. Kowane gurbi na NHS yana zuwa da takardar da ta jera abin da ake buƙata ga mai nema, kuma da ita muke ba da maki, don haka yana da kyau ta yi amfani da kalmomin da ke cikinta idan sun dace da aikinta. Amma Hauwa, kuna cike takardar NEWS2 a ɗakinku?

Hauwa'u Idi: A'a Anti, takardar awon zafi da bugun jini da numfashi ta yau da kullum muke da ita. NEWS2 a karatun CBT na gan shi.

Anti Binta: To ba za ki ce kina aiki da shi ba. Duk wanda ya san asibitocin gida zai gane aro ne. Ga yadda zan tsara miki, da Hausa, ke ki mayar da shi Turanci da kalmominki don ya zama muryarki ce:

"Nas mai rajista da NMCN ta Najeriya tun 2018, lasisi yana aiki. Shekara shida a babban asibitin gwamnati a Jihar Jigawa, biyar daga ciki a ɗakin mata marasa lafiya mai gado 28, inda nake kula da masu shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya, ciwon suga, sikila da zazzaɓi mai tsanani, sai wata 17 a ɗakin yara. Na saba da ƙarin jini, ba da magani ta jijiya, kula da gyambo, da gano majinyacin da ke rikicewa tare da sanar da likita a kan lokaci. Ina jagorantar dutin dare kuma ina koyar da ɗaliban jinya. Na ci OET a watan Mayu 2025, ina da horon kare yaɗuwar cuta. Ina neman gurbi a ɗakin manya marasa lafiya."

Da Turanci ba zai wuce layi biyar ko shida ba. Ki lura kowace jimla a ciki akwai takarda ko mutumin da zai iya shaidarta.

Hauwa'u Idi: Anti wallahi kamar ba ni ba, alhali babu abin da kika ƙara. Amma in sa cewa ni kaɗai ce nas a kan gado 28 da dare?

Malam Nasiru (Jizan): Ki sa mana. Asibitocin nan suna tambayar adadin gadon asibiti da majinyata nawa ke hannun nas ɗaya, wasu fom ɗin ma akwai gurbinsa. Hasali ma ki ƙara adadin gadon asibitin gaba ɗaya a na Saudiyya, don da shi suke gane girman wurin da kika fito.

Anti Binta: Ni da gangan ban sa shi ba. Wani mai karatu zai ga juriya, wani zai ce to yaya aka yi ta kula da mutum 28 yadda ya kamata, ko dai ta saba da tsallake abubuwa? Ba ki san hannun wanda takardar za ta faɗa ba. "Ina jagorantar dutin dare a ɗaki mai gado 28" ya isa, sauran ki ajiye wa ganawa, inda za ki iya bayyana yadda kike tsara wa za ki fara dubawa.

Hajiya Rakiya (tsohuwar metiron): Ni kuma da za a tambaye ni, a faɗa. Su san irin nauyin da yaranmu ke ɗauka. Amma ku kuka san can.

Malam Nasiru (Jizan): To ta yi guda biyu ai. Dama ba sakin layi ɗaya za ta tura wa kowa ba. Na Saudiyya ki cire OET daga gaba, ki sa BLS bayan kin sabunta, da matsayin DataFlow da jarabawar lasisi ta Prometric idan kin fara. Shekaru da watanni dai su zama iri ɗaya a duka biyun, kuma su yi daidai da takardar da asibiti zai ba ki.

Abu na ƙarshe daga gare ni. Kafin ki miƙa komai, ki je ki ga wanda ke riƙe da imel da wayar ofishin asibitinku, ki gaya masa za a tuntuɓe su. A asibitocinmu na karkara saƙo yakan kwana wata biyu ba a buɗe ba, kuma shirun nan kaɗai ya isa ya tsayar da takardar mutum.

Hauwa'u Idi: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Ranar Litinin zan shiga ofishin metiron a duba littafin 2018, in kuma roƙi takardar shaidar aiki da za ta ambaci kowane ɗaki da watanninsa. Anti idan na mayar da shi Turanci zan turo miki a gefe.

Anti Binta: Turo, ina dutin dare wannan makon amma zan duba da safe. Ki haɗo min da tallar gurbi ɗaya da kike son nema, mu gwada sakin layin da abin da suka jera. Musbahu kai ma ka turo naka idan ka yarda, mu ga me za a iya bari.

Musbahu Ringim: Zan turo Anti. Amma ɗinkin nan dai ina so a bar min shi, don na yi horonsa kuma ina da takardar.